Shawarar 'yan gurup ɗin zumunta kan saƙon murya

A gurup ɗin WhatsApp na danginmu a Sakkwato an tattauna batun saƙon murya, kuma ra'ayi ya fi karkata ga cewa yana da muhallinsa. In za a yi wa dattijo ta'aziyya ko barka, murya ta fi, don Baba da Inna sun fi jin daɗin sauraro, wasu ma karatun boko na ba su wahala. Amma sanarwar ɗaurin aure ko jana'iza a rubuta ta: rana, lokaci, masallaci, unguwa, ko Mabera ko Gidan Igwai. Mai neman adireshi yana kan babur ba zai iya sake sauraron minti 5 ba, kuma ba a binciko kalma a cikin murya. Ni ma nan na tsaya. Wata yaya ta ƙara da cewa in muryar ta zama dole, a sa layi ɗaya a rubuce da ke faɗin abin da ta ƙunsa.