Tarif da kwota: wace kalma za ta nuna aljihun da kuɗin ke shiga?

Tafinta:
Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wani darasi kan kare masana'antun cikin gida, kalmomi biyu sun tsayar da ni: tarif da kwota. Tarif na sa masa "haraji", amma haraji ya yi faɗi, har na albashi da na gida duk haraji ne. Kwota kuwa na sa "kaso", sai jimlar ta fito kamar ana rabon gado. Ina son kalmomin da mai karatu zai gane bambancinsu tun kafin a yi masa dogon bayani. A taimaka.

Ɗalibin Tattali:
Wa'alaikumus salam. Malam, ai ba sai ka wahala ba, ka haɗa su duka ka ce takunkumi. Manufarsu ɗaya ce, hana kayan waje shigowa domin na gida su samu kasuwa.

Baba Mai Lissafi:
Ɗana, rabin maganarka daidai ne, manufar ɗaya ce. Amma takunkumi horo ne da ake yi wa wata ƙasa, kuma waɗannan biyun ba hana shigowa suke yi ba. Tarif yana tsawwala wa kaya kuɗi ya bar su su shigo ko nawa ne, kwota kuwa tana yanke yawansu ta bar farashi ya nemi inda zai tsaya.

Bari in buga misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don sauƙin lissafi. A ce keke yana shigowa wata ƙasa a kan dala 100. Gwamnati ta ɗora masa kashi 20 cikin ɗari, ya koma 120. A wannan farashin ana sayar da keke 1,000 a shekara, 600 na waje, 400 na gida. Mai ƙera na gida ba zai zauna a 100 ba tunda abokin gogayyarsa ya koma 120, shi ma zai hau. To masu saye sun biya ƙarin dala 20 a kan kowane keke, jimla 20,000. Daga ciki 12,000 ta shiga baitulmali, ita ce ta kekunan waje. Sauran 8,000 ta tafi wurin masu ƙera na gida, wani ɓangare riba, wani ɓangare kuma ya narke a tsadar aikinsu, don da suna iya yi a 100 da ba su nemi kariya ba. Ban ma lissafa wanda ya haƙura da keken gaba ɗaya saboda ya fi ƙarfinsa ba.

Yanzu cire harajin, ka ce keke 600 kawai aka yarda su shigo. Farashi zai sake tsayawa a 120, masu saye su yi asarar da suka yi ɗazu, masu ƙera na gida su samu abin da suka samu. Amma 12,000 ɗin nan fa? Baitulmali ba ya ganin ko sisi. Wanda ke riƙe da takardar izinin shigo da kekunan shi ke saye a 100 ya sayar a 120. Shi ya sa duk inda aka sa kwota za ka ga ana rububin takardar izini fiye da yadda ake rububin gina masana'anta, sai dai idan gwamnati ta yi gwanjon takardun a fili ta karɓe kuɗin. Kalmar da za ka zaɓa, Malam Tafinta, kada ta binne wannan.

Uwar Biyu:
Tarif dai muna da kalmarsa tun tuni: kuɗin fito. Asalinsa abin da ake biyan mai jirgi ya tsallakar da mutum da kayansa, daga baya ya zama abin da ake biya a ƙetare iyaka da kaya. Gajere ne, kuma kowa ya ji ya san kaya ne suka tsallako. Ban ga dalilin neman sabuwa ba.

Tafinta:
Hajiya, na so shi ƙwarai. Abin da ke damuna, wasu matasa suna jin "fito" sai su ɗauka kayan da ake fitarwa waje ake nufi. Ga shi kuma kuɗin fito kamar ladan wani aiki ne da aka yi maka, alhali wannan haraji ne da gangan aka sa don a tsadantar da kaya.

Uwar Biyu:
To ka ce "harajin fito". Haraji ya nuna gwamnati ce ke karɓa, fito ya nuna a bakin iyaka ne. A farkon darasin ka rubuta cikakkensa sau ɗaya, harajin shigo da kaya, daga nan ka ci gaba da gajeren. Matasa su koya, ai don haka ake rubutun.

Mai Walda:
Ni ban iya fassara ba, amma abin ya taɓa ni. Ƙofofi da tagogi nake haɗawa, ma'aikata shida ne a ƙarƙashina. Da aka ƙara wa ƙarfen waje kuɗi aka ce don a kare masana'antar gida, sai na gidan ma ya tashi a wata guda. Ƙofar da aka gama haɗawa a waje kuma tana shigowa a tsohon kuɗinta. Wato kayan aikina sun yi tsada, abokin gogayyata bai ji komai ba. Ni ba masana'antar gida ba ce? Ku sa kalmar da za ta nuna cewa mu ne ke biya. Kullum sai a ce "an sa wa ƙasa kaza haraji", kamar can za a je a karɓo.

Baba Mai Lissafi:
Malam Mai Walda, ka faɗi abin da ya fi kalmar kanta muhimmanci. A bakin iyaka, ɗan kasuwar da ya shigo da kayan shi ke biya, sannan ya ɗora a kan farashi. Wani lokaci mai sayarwa na waje yana rage nasa farashin don kada ya rasa kasuwa, sai ya ɗauki wani ɓangare na nauyin, musamman idan ƙasar da ke sayen babbar kasuwa ce. Amma a rubutu a ce "an sa wa kayan ƙasa kaza harajin fito", kada a ce an sa wa ƙasar.

Irin naka ya faru a Amurka. A farkon 2018 aka sa wa injinan wanki na waje haraji bayan ƙorafin kamfanin Whirlpool mai ƙera su a cikin gida: kashi 20 a kan inji miliyan 1.2 na farko, kashi 50 a kan duk abin da ya haura haka. Farashin injin wanki ya tashi da kusan kashi 12, har injin busar da kaya, wanda ba a sa masa komai ba, ya bi shi, saboda tare ake sayensu. An samu ayyuka kimanin 1,800, Samsung da LG sun buɗe masana'antu a can, wannan ba ƙarya ba ne. Amma masu bincike sun lissafa cewa masu saye sun biya ƙarin kusan dala biliyan 1.5 a shekara, wato sama da dala 800,000 kan kowane aiki guda. Kuma a watan Maris na shekarar aka sa wa ƙarfen waje kashi 25, sai Whirlpool ɗin da kansa ya koma kukan tsadar ƙarfe.

Ɗalibin Tattali:
Baba, kenan kariya ba ta da amfani? Ai Koriya ta Kudu da kariya ta tashi.

Baba Mai Lissafi:
Ban ce ba ta da amfani ba. Koriya ta kare masana'antunta, amma da sharaɗi: kamfani ya nuna yana iya sayarwa a kasuwar waje, in ya kasa a janye masa gata. Hanyar gane wadda ta lalace ita ce shekaru su yi ta tafiya, farashin na gida bai matso kusa da na duniya ba, kamfanin bai fitar da kaya ko'ina ba, kuma duk lokacin da wa'adi ya cika sai ya dawo neman ƙari. Masu cin riba kaɗan ne, sun san juna, suna da bakin magana. Masu biya miliyoyi ne, kowa ɗan kaɗan, ba wanda zai bar aikinsa ya je ƙorafi a kan dala 20.

Gwaggon Yara:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Kwota ba ita ce wadda ƙungiyar OPEC ke ba kowace ƙasa na man da za ta haƙo ba? A labarai "kaso" ake cewa, kuma muna ganewa. Me ya sa ba za a bar shi haka ba?

Tafinta:
Gwaggo, a can ya dace, domin akwai jimla guda da ake rabawa tsakanin mambobi. A nan ƙasa ɗaya ce ke cewa daga adadi kaza ba ƙari. Rufi ne, ba rabo ba. Ina tunanin "ƙayyade adadi", ko "iyakar shigo da kaya".

Uwar Biyu:
"Iyaka" za ta rikita, don a darasi ɗaya za ka yi ta ambaton iyakar ƙasa. "Ƙayyade adadi" kuma aikatau ne, ba zai zauna a jimla kamar suna ba. Ka gwada "ƙayyadadden adadi". Yana da nauyi a baki, amma ba ya yaudara.

Baba Mai Lissafi:
Na yarda da na Hajiya, amma kada a kori kalmar Gwaggo, tana da gurbinta. Idan aka yanke adadin, sai an raba shi, ko ga 'yan kasuwar gida ko ga ƙasashen da ke kawo kayan, kuma a wurin rabon ne kuɗin yake. A 1981 Japan ta amince, bisa matsin Amurka, ta taƙaita motocin da take aikawa can zuwa miliyan 1.68 a shekara. Tunda a hannun Japan rabon yake, ƙarin farashin ya shiga aljihun kamfanoninta, ba baitulmalin Amurka ba. Kuma da yake ƙidaya ake yi da kai ba da daraja ba, sai suka riƙa cike gurbin da motoci masu tsada. Honda ta Japan ta fara haɗa motoci a jihar Ohio ta Amurka a 1982, waɗanda ƙidayar ba ta shafa ba. Kamfanonin Amurka sun samu damar ɗaga farashi, mai neman ƙaramar mota mai araha shi ya sha wuya. Don haka jimlar ita ce ƙayyadadden adadi, abin da kowa ya samu a ciki shi ne kasonsa.

Tafinta:
Allah ya saka, Baba. Na ɗauki harajin fito, na ɗauki ƙayyadadden adadi da kaso kowanne a wurinsa. Saura irin na injin wankin nan, da ya haɗa biyun: adadi na farko a haraji mai sauƙi, abin da ya haura a mai tsanani. Na rubuta "harajin fito mai hawa biyu".

Uwar Biyu:
Mai hawa biyu bai nuna cewa yawan kaya ne ke sa a hau na biyun ba. Wani zai ɗauka sau biyu ake biya.

Mai Walda:
Ni na gane shi a haka, Hajiya. Amma wa ke samun shiga hawan farko, wanda ya riga isowa ko wanda aka ba takarda? In takarda ce, mun koma maganar Baba ta ɗazu.

Tafinta:
Tsari-tsari ne, wani wuri wanda ya riga, wani wuri takarda. Zan bar "mai hawa biyu" da fensir tukuna, in ƙara jimla ɗaya da ke faɗin yadda ake raba hawan farko. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo kafin in miƙa aikin ranar Alhamis.