Ta kwashe min littafin girki, wane haƙƙi nake da shi a kanta?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da girki a gida, bara na rubuta ɗan littafi mai shafi 32, girki 20, da hotuna, ina sayar da shi PDF a WhatsApp naira 2,000. Jiya aka turo min wani da wata tsohuwar ɗalibata ta fitar. Girke-girken kusan duk nawa ne, har sirrin masata na zuba nono a ƙulli, sunan littafin ma ya yi kama da nawa, kuma na ga hotunana guda 3. Ban yi rajistar komai ba. Ina da abin yi, ko in bar wa Allah?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Hajiya sai haƙuri, tunda ba ki yi rajista ba ai kin bar ƙofa a buɗe. Ki fara zuwa hukumar rajistar kamfanoni ki yi wa sana'arki suna, sannan a yi maganar ƙara.

Barista, Ƙofar Doka:
Ɗan Samaru, ka haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba. Rajistar sunan kasuwanci daban, haƙƙin mallakar rubutu daban. Dokar da ake aiki da ita yanzu, wato ta 2022 wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta ɗora wa marubuci sharaɗin rajista ba. Da zarar mutum ya yi aikin da ƙoƙarin kansa, ya kuma ajiye shi a wani abu da za a iya komawa a gani, takarda ce ko waya, haƙƙi ya tabbata. Ana iya kai aiki Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya a shigar da shi kundinta, kuma yana da amfani wajen kafa hujja, amma ba shi ke haifar da haƙƙin ba.

To Maman Ilham, ga inda za ki ɗan ji ba daɗi. Doka tana kare yadda kika faɗi abu ne, ba abin da kika faɗa ba. Ta fito ƙarara ta ce dabara, da hanyar yin abu, da tsarin aiki, da bayanai tsura, ba sa shiga ƙarƙashin wannan kariya. Girki kuwa hanyar yin abu ne. A jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 4 ta kwana, a dafa rabin gwangwani a haɗa, a kai niƙa da albasa, a sa yis a rufe ya tashi, a soya a tanda: wannan na kowa ne. Ko da ke kika fara gano cewa ludayin nono yana sa masa laushi, ranar da kika koya wa mutum kin ba shi, yana da damar ya yi masar, ya sayar, ya koyar, har ya rubuta da kalmominsa. Jerin kayan haɗi da awonsu ma haka, don babu wata hanya ta daban da za a ce gwangwani 4 in ba a ce gwangwani 4 ba.

Abin da yake naki shi ne jimlolinki, da labarin da kika saƙa a tsakani, da gabatarwa, da hotuna. Saboda haka kafin ki yi mata magana, ɗauki littattafan biyu ki ajiye gefe da gefe, ki bi shafi-shafi da jan biro. Kada ki ja layi a inda girki ya zo ɗaya. Ki ja a inda magana ta zo ɗaya.

Maman Ilham:
Barista na gode, amma wallahi abin da ciwo. Shekara nawa ina ɓata ƙulli kafin in gane awon nonon nan. Yanzu na buɗe shafin masa. Ni na rubuta: "Ki rufe ƙullin ki sa a rana, kada ki riƙa leƙa shi kamar amaryar da ke jiran ango. In ya tashi za ki ji tsaminsa tun daga bakin ƙofa." Ita ma haka ta sa, har amaryar. Abin dariya, a wajen alkaki na yi kuskuren bugu na rubuta "alkama mudu 11" maimakon 1, to nata ma 11 ne.

Barista:
Alhamdu lillahi, wannan 11 ɗin ta fi miki shaidu goma. Mutum biyu za su iya dacewa a kan awo, amma ba sa dacewa a kan kuskure ɗaya a wuri ɗaya. Maganar amarya kuma ba ta cikin girki, masa za ta tashi ko ba a ambaci ango ba. Wannan salonki ne, shi doka ke karewa. Da ta rubuta "a rufe ƙullin a ajiye wuri mai ɗumi har ya kumbura", da ba ki da ta cewa.

Ki adana fayil ɗinki na asali da ranar da kika fara tura wa masu saye, ki ɗauki hoton tallarta kafin ta goge, ki sa wani ya sayi nata ya riƙe shaidar biya.

Anti Mai Alkaki, Sabon Gari:
Ni dai abin da na sani, in ka ɗauki ƙasa da kashi goma cikin ɗari na littafi babu laifi, haka ma in ka rubuta sunan mai shi. Lokacin da muke makaranta haka aka ce mana. In ɗalibar ta sa "godiya ga malamata" ai magana ta ƙare.

Barista:
Anti, rabin maganarki na da tushe. Akwai inda doka ta yarda a ɗauki wani yanki ba tare da izini ba: don karatun kai, ko bincike da ba na kasuwa ba, ko sharhi da nazari, ko ba da labarin abin da ke faruwa, kuma a irin sharhin nan ana son a ambaci aikin da mai shi. Ɗalibar jami'a da ke nazarin abincin Hausawa za ta iya kawo sakin layin Maman Ilham ta yi magana a kansa. Amma babu wani kashi goma a dokarmu. Ana duba dalilin ɗaukar, da yawan abin da muhimmancinsa, da ko ya taɓa kasuwar mai shi. Wadda ta ɗauka don ta sayar wa mutanen da da littafin farko za su saya, ta faɗi a nan. Ambaton suna kuma ladabi ne da haƙƙi na daban, ba ya zama izini. In na ɗauki buhun masararki na rubuta sunanki a jiki, ban saya ba.

Baba Maɗinki, cikin Birni:
Ku gafarce ni in sako tawa. Shekara 30 ina ɗinkin hannu. Akwai wani aikin wuya da na fitar a kan aska takwas, na ƙara masa wasu 'yan zagaye nawa, yanzu masu keken kwamfuta sun kwafe suna bugawa a kan shadda kamar ruwa. Ni wa zan kama?

Malamar Kwangila:
Baba, ai aska takwas ta kakanni ce, kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ba mai cewa tasa ce. Ni ma tambayata ke nan, don ina haɗa wa 'yan aji uku littafin tatsuniyoyi.

Barista:
Baba, Allah ya ƙara girma. Asalin zanen ba na mutum ɗaya ba ne, gaskiyar Malama. Abin da za ka iya nema sai ƙarin da ka yi, in har ya fito daban a ido kuma kana da shaidar kai ka fara. Sai dai zanen da aka yi da niyyar a riƙa buga shi da yawa a masana'anta yana da tasa dokar ta daban, wadda ita kam tana son rajista. Taka sai an ga rigar an zauna, ba zan yanke a nan ba.

Malama, ki lura da abu ɗaya. Kayan gargajiya irin su tatsuniya da waƙoƙin dandali ba a sake su sakaka ba. Doka ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon kula da amfani da su don kasuwanci, amma ta bar ƙofa ga koyarwa da kuma wanda ya aro ya gina nasa aikin. Ki rubuta Gizo da bakinki yadda kakarki ta ba ki. Kada dai ki kwafo shi daga littafin wani da aka buga, don kalmomin wannan marubucin nasa ne har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Shi ya sa waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, kowa na iya bugawa, amma fassarar da wani malami ya yi musu a zamanin nan tana da mai ita.

Ɗan Samaru:
To na karɓi gyara. Sunan littafin fa? Ta ce ya yi kama da nata.

Barista:
Gajeren suna irin "Girkin Gida" da wuya a ce haƙƙin mallaka ya rufe shi. In ana ruɗar masu saye su zaci littafin Maman Ilham ne, wannan wata ƙara ce daban. Zaɓin girki 20 da yadda aka jera su kuwa, ana iya jayayya a kai, amma in jerin masa, funkaso, alkaki, dambun nama ne kamar na kowa, ni ba zan dogara da shi ba.

Maman Ilham, saura hotuna, kuma nan ne hujja ta fi ƙarfi. Amma wa ya ɗauka?

Maman Ilham:
Biyu ni na ɗauka da wayata, har ana ganin farantina mai ɓallin baki, ta yanke gefen da sunana yake. Na ukun, na dambun nama, ƙanin maigidana ne ya ɗauka da kyamararsa, na ba shi kuɗin mai.

Barista:
Biyun naki ne, kuma kariyar hoto shekara 50 ce. Na ukun a ƙa'ida na wanda ya ɗauka ne, ko da dambun naki ne, don mallaka ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Ki sa ya rubuta miki layi biyu cewa ya mallaka miki hoton, ya sa hannu da kwanan wata.

Daga nan ki aika mata takarda cikin mutunci. Kada ki ce ta daina koyar da masa da nono, za ta yi miki dariya kuma tana da gaskiya. Ki lissafa shafukan da ta kwafe kalma da kalma da hotuna 3, ki ce ta cire su ta daina sayar da wannan bugun, ki ba ta wa'adi. In ta ƙi, akwai hukumar, akwai kuma Babbar Kotun Tarayya, ita ke sauraron irin wannan ƙara, mafi kusa da mu tana Kaduna. Ki dai auna kuɗin shari'a da abin da littafin naira 2,000 ke kawowa.

Anti Mai Alkaki:
Ni da za ki ji tawa, ki fara samun uwarta ko mijinta. Yarinyar da ta zauna a tsakar gidanki ta koyi girki ba a fara ta da takardar lauya.

Maman Ilham:
Na gama bi da jan biro. Shafi 9 ne ta kwafe sak, sauran ta sauya da bakinta, waɗannan na haƙura da su. Anti, gobe in sha Allahu zan je wajen yayarta a Gyallesu da littattafan biyu. Barista, in na rubuta takardar zan turo maka ka duba min kafin in riƙe ta a jaka.