Me za mu kira irin wannan tambaya ta jarrabawar doka?

Malama mai koyar da dokar kasuwanci: Assalamu alaikum. Ina shirya darussa da Hausa ga ɗaliban difloma, sai na maƙale a kan tambayar nan da muke kira "furobilam kwashan". Wato a ba ɗalibi ɗan gajeren labari, a ce ya ba ɗaya daga cikin mutanen ciki shawara. Ina neman suna ga tambayar, da labarin, da kuma amsar da malami ke ajiyewa don yin maki. Ga wadda na tsara:

Ran Litinin wani mai masara a Dawanau ya aika wa mai shago saƙo: "Buhu 100, kowanne naira 40,000, na ba ka zuwa Juma'a." Ran Talata mai shago ya amsa: "Za ka karɓi kuɗin kashi biyu?" Shiru. Ran Laraba mai masara ya sayar wa wani. Ran Alhamis da safe dillalin da ya haɗa cinikin ya gaya wa mai shago an sayar. Da yamma mai shago ya aika: "Na saya a yadda ka ce." Ba mai shago shawara. Maki 20.

Ɗalibi ɗan aji biyu: Malama, ai "tambayar warware matsala" ta yi. Kuma wannan ba wuya, mai shago ya kashe tayin tun ran Talata. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 an sa gona fam 1,000, mai saye ya taya 950, da ya dawo kan 1,000 kotu ta ce tayin farko ya mutu.

Barista: Ɗana, tarkon da Malama ta ɗana ke nan ka faɗa. Hyde ya sauya farashi. Mai shago bai sauya komai ba, tambaya ya yi. Wannan ya fi kusa da shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, inda masu sayen ƙarfe suka tambaya ko za a yarda a yi cinikin a hankali cikin wata biyu, kotu ta ce neman bayani ne, tayin yana nan da ransa. To ran Talata ba abin da ya mutu.

Inda cinikin ya karye shi ne Alhamis da safe. "Na ba ka zuwa Juma'a" alkawari ne da ba a biya komai a kansa ba, don haka a dokar da muka gada daga Ingila mai masara yana iya janyewa. Sharaɗin kawai labarin janyewar ya kai kunnen mai shago kafin ya amsa. Shari'ar Dickinson da Dodds ta 1876 ta nuna ba lallai daga bakin mai kaya zai ji ba, in majiyar abin dogaro ce. Shi ya sa Malama ta ce dillalin da ya haɗa cinikin, ba ta ce wani ɗan zaman majalisa ba.

Batun suna kuwa, "warware matsala" ba ta bambanta komai, lissafi ma warware matsala ne. Ni "mas'ala" nake so.

Malamin zaure: Barista ya yi gaskiya, wannan abu mun daɗe da shi. A karatun gado malami zai ce: a ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata da 'ya da ɗan'uwa shaƙiƙi, a raba. Labarin muna kiransa surar mas'ala. Sai dai tamu takan ƙare a hukunci guda, mata sumuni, 'ya rabi, saura na ɗan'uwa. Taku kuwa na ga kamar kuna barin ƙofa a buɗe.

Malama: Allah ya gafarta Malam, "sura" ta shiga raina, ta fi "ƙagaggen labari" da na fara rubutawa, wanda ke sa yara su zaci adabi ne. Ƙofar kuma da gangan ake barinta. Ni amsar nake fara rubutawa kafin labarin. In zaɓi gaɓoɓin da nake son gwadawa, sannan in ba kowace gaɓa jimla ɗaya a cikin sura. Duk jimlar da na cire amsa ba ta motsa ba, ba ta da aiki, sai in goge ta. A wannan, makin haka na raba shi: 3 ga wanda ya nuna saƙon Litinin tayi ne cikakke tunda akwai kaya da adadi da farashi, 6 ga rigimar Talata, 4 ga alkawarin Juma'a, 5 ga maganar dillali, 2 ga shawarar ƙarshe.

Ka ga hukuncin kansa maki 2 ne. Ɗan aji biyun nan ya kai ga cewa babu ciniki, kuma daidai ne, amma ta ɓatacciyar hanya, kuma da ya tsaya a Talata ya zubar da maki 9 na gaba. Wanda ya ce saƙon Talata yana iya zama sabon tayi don ya taɓa yadda za a biya, ya auna ɓangarorin biyu, sannan ya ci gaba da "in kuwa tambaya ce kawai", wannan zan ba shi shidansa cif.

Wani ɗan kasuwa: Wallahi irin wannan aka yi mini bara a kan waken suya, har na ba da kafin alƙalami mutumin ya sayar wa wani. Barista, zan iya kai shi kotu?

Barista: Alhaji, sunan tambayar jarrabawa muke nema, naka sai ka zauna da lauya da takardunka. Amma ka ba Malama kyauta. In ta ƙara a sura cewa mai shago ya ba da naira 20,000 don a ajiye masa tayin zuwa Juma'a, amsar ta juya, janyewar ta zama saɓa yarjejeniya. In kuma ta cire dillali gaba ɗaya, sayarwar Laraba ba ta janye komai ba tunda mai shago bai sani ba, kuma "na saya" ɗin Alhamis ya ƙulla ciniki. Sura ɗaya ta haifi mas'ala uku.

Mai fassara a gidan rediyo: Na yarda da mas'ala, amma a ce "mas'alar doka". In aka ce ta shari'a mai sauraro fiƙihu zai ji. Ina kuma da ja a kan "tayi". A kasuwa mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. A surarki mai kaya ne ya fara.

Malama: Ana cewa ya yi mini tayin gidansa, don haka zan bar ta, sai dai in rubuta "tayin mai kaya" inda za a rikice. Saura amsar malami. Na rubuta "amsar koyi".

Barista: Ina tsoron wannan. Da sun ji koyi za su haddace, a sauya musu dillali su zuba tsohuwar amsa. "Mizanin amsa" ya fi, tunda awo ake yi da ita.

Mai fassara: Mizani ai rabon makin ne, 3 da 6 da 4. Cikakkiyar amsar da ake raba wa ɗalibai bayan jarrabawa wani abu ne daban, kuma koyin ake so su yi da tsarinta: gano gaɓa, kawo doka, ɗora ta a kan sura, yanke shawara.

Malamin zaure: Mu dai jawabi muke cewa, mas'ala da jawabinta.

Malama: To na ɗauki mas'alar doka, na ɗauki sura, mizani kuma na rabon maki. Tsakanin amsar koyi da jawabi zan gwada duka biyun a aji wannan zangon. Ɗan aji biyu, ga aikinka: sake rubuta saƙon Talata yadda zai kashe tayin da gaske.

Ɗalibi: "Na saya, amma kashi biyu zan biya." Ya yi, Malama?

Malama: Ya yi. Yanzu ka faɗa mini ko dillali yana da sauran amfani a surar.