Fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa bayan zazzaɓi: ƙwayar cuta ce ko aikin magani?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ma'aikatan lafiya, ku taimaka min da wani sakamakon gwajin jini da ya tsaya min a rai.

Magidanci ne mai shekara 42, ya yi kwana biyar yana zazzaɓi, yau kwana biyu ke nan jikin ya yi sanyi. WBC ɗinsa 16.8 × 10⁹/L, alhali iyakar ƙa'ida 11 ce. NEUT kashi 84 cikin ɗari, wato nutrofil kusan 14.1, ninki biyu na yadda ya kamata. Da farko na ɗauka bakteriya ce kawai. Amma ƙirji lafiya lau, fitsari babu nitirait, ciki ba ya ciwo idan an danna.

Sai daga baya ya ce min ya yi kwana uku yana shan firedinisolon kafin gwajin. Nan na cije. Wannan magani yana sakin nutrofil ɗin da ke manne da bangon jijiyoyi su shigo cikin jini, sai adadin ya hau ko babu cuta. Abin da ya fi damuna, shi ma yana ɓoye zazzaɓi, yana kuma rage CRP, don haka sanyin jikin bai kwantar min da hankali ba.

Na duba jinin a madubin likita, ban ga nutrofil marasa ƙwari da yawa ba. Wannan ya isa in jinkirta maganin bakteriya? Kuma bayan kwana nawa da daina firedinisolon kuke maimaita gwajin?