Ya za mu kira "nestin" da Hausa?

Mai tambaya: Salam ƴan uwa masu aikin ƙarfe. Ina rubuta ɗan bayani ne don yaran da nake koya wa haɗa tanki da akwati, sai na maƙale a kalma ɗaya, wato nestin, yadda ake jera gutsattsarin da za a yanka a kan falle ɗaya tun kafin a taɓa giranda don kar rara ta yi yawa. Asalinta a Turanci daga sheƙar tsuntsu ne, amma in na ce wa yaro "yi sheƙa" ai dariya zai min. Me kuke cewa?

Ɗan koyo: Oga ba shi ne saka ƙaramin akwati cikin babba ba in za a loda a mota? mu dai cusawa muke cewa

Mai tambaya: A'a ƙanena, wannan bayan an gama aiki ne. Ni tun ƙarfen yana kwance nake magana.

Tsohon hannu: Ni "zaunar da yanka" na saba cewa, don tambayar da nake yi kullum ita ce, ya zauna a falle ɗaya ko bai zauna ba? Bari in ba da misali. Falle mai ƙafa 4 da 8 shi ne milimita 1220 da 2440. A ce tanki ne marar murfi, tsawo 1200, faɗi 600, tsayi 600, wato lita 432. Kana buƙatar gindi da bango biyu dogaye, kowanne 1200 da 600, sai marufin gefe biyu 600 da 600. Wanda bai saba ba zai zana shi kamar gicciye don ya lanƙwasa bangon huɗu, toh giccen nan 2400 ne da 1800, ina zai shiga faɗin 1220? Ko da ya shiga ma kusurwa huɗu ka zubar. Abin da nake yi, in haɗa gindi da dogayen bangon biyu a yanki ɗaya, 1800 da 1200, in lanƙwasa sau biyu, abin da ya rage a ƙarshen fallen 640 ne da 1220, nan marufan biyu za su zauna gefe da gefe. Falle ɗaya ya gama tanki, ga walda ta ragu, wurin yoyo ma ya ragu.

Mai walda: Haka ne Baba, amma ni sunan ya min tsawo, "tsarin yanka" ya fi sauƙi a baki. Kuma in an ƙara tsayin ai ba matsala, ni na taɓa yin mai tsayi 650, sai ka ɗauko falle mai 1250 da 2500 kawai shikenan

Tsohon hannu: Sake lissafi malam. Da tsayi 650 yankin lanƙwasa ya zama 1900, ragowar 600 ne da 1250, marufai biyu kuma 1300 suke nema, saura 50 bai kai ba. Santimita biyar kacal ta ja maka falle na biyu. Shi ya sa in mai aiki bai matsa a kan awo ba, fallen nake fara dubawa sannan in faɗa masa girman da zai fita.

Mai walda: Toh wlh shi ya sa a lokacin sai da na yi wa marufi ɗaya ƙari, na ɗauka ma'aunina ne ya gota

Malama mai zane: Ku ƙara da abin da bakin yanka ke ci. Almakashin inji ba ya cin komai, amma faifan giranda yana cin kaurinsa, daga milimita 1 zuwa 3, in ka zana layuka manne da juna ba ka bar masa wuri ba, yankin ƙarshe ne zai fito a gajarce. Lanƙwasa kuma akasin haka ce, in awon waje kake bi, shimfiɗaɗɗen yankin ba zai cika 1800 ba, gwada da guntu mai kauri ɗaya da fallen ka ga nawa ne a injinka. Maganar suna, "tsarin yanka" a kunnena ya haɗa da wane layi za a fara yankawa, shi kuwa wani abu ne daban. Ni da "tattalin falle" muka ce, tunda manufar kenan.

Tsohon hannu: Tattali ai sakamako ne Malama, ba aikin ba. Mai ajiye rara a lungu ma tattali yake.

Mai tambaya: Na gode. Zan sa "zaunar da yanka" a aikatau, don yaro zai iya cewa ya zauna ko bai zauna ba. Sunan takardar zanen kanta ne har yanzu ban samu ba, "tsarin yanka" zan bari a kai tukuna.

Ɗan koyo: Oga shi kuma abin da giranda ke ci ɗin, cin faifai za mu ce ko?