Na zaɓi "would have been", an ce na faɗi: ina kuskuren yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin JAMB, na ci karo da wannan a gwajin lesin:

If Audu had taken the drug last night, he ___ well now.
A. would have been B. would be C. will be D. had been

Na ɗauki A, aka ce B ce. Ba an koya mana "had taken" tana tafiya da "would have" ba?

Ɗan aji shida: Ni a ganina A ce. Duk inda ka ga had bayan if, rufe ido ka ɗauki would have.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Ɗana, rufe idon nan shi ke kayar da ɗalibai. Ƙa'idarka tana aiki ne idan sharaɗin da sakamakon duk sun wuce, wato kondishinal na uku: "If Audu had taken the drug, he would have slept well last night." Bai sha ba, bai yi barci ba, duk jiya ne.

A tambayar nan kuwa lokaci biyu ne. Shan maganin daren jiya ne, shi ya sa aka ce had taken. Samun sauƙin kuma yanzu ake maganarsa, ga now a ƙarshe. Sakamakon da bai tabbata ba a yanzu would yake ɗauka da aikatau tsurarsa, shi ne would be. Ka juya ta da Hausa ka ji: da ya sha magani jiya, da yanzu yana nan garau. To, kafin ka kalli zaɓi, ja layi ƙarƙashin kalmar lokaci a kowane ɓangare. C ta fita, domin will ta abin da har yanzu zai iya faruwa ce.

Wata 'yar uwa: Malama, ni tawa ita ce "If I had money, I ___ a car." Akwai had, amma aka ce would buy.

Malamar Turanci: 'Yata, wannan had ɗin mallaka ce, babu wani aikatau bayanta. Ta kondishinal na uku sai an ce "If I had had money". Ku kula kuma, ana iya cire if a ce "Had Audu taken the drug", ma'ana ba ta sauya ba.

Wani malamin lesin: Na yarda da B a nan. Sai dai da an rubuta "by now", ina ganin would have been ma za ta zauna, tunda ana nufin zuwa yanzu da sauƙin ya riga ya samu.

Malamar Turanci: Haka ne Malam, a nan duka biyun suna da hujja, kuma bai kamata mai tsara tambaya ya haɗa su a zaɓi ɗaya ba.

Ɗan aji shida: To idan ya haɗa fa, Malama, wacce za mu ɗauka?