"Ba alfarma nake nema ba"

Malamar aji huɗu: Jama'a ku taya ni ji. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, na rubuta takarda ina sanar da Sakataren Ilimi zan tafi jinya wata biyu, ba albashi. Hedimasta ya dawo min da ita, wai ba haka ake yi ba. Kuɗina fa na bar musu, ba alfarma nake nema ba!

Tsohon hedimasta: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Malama, "ina sanar" ɗin nan ne ya kashe takardar. Irin wannan hutu nemansa ake yi, sai an amince. Ki rubuta wa Sakatare ta hannun hedimasta, ki sa lambar fayil ɗinki, da ranar tafiya da ranar dawowa, kada ki ce wata biyu kawai. Ki haɗa da takardar likita, ki faɗi wanda zai riƙe ajin. In kika tafi kafin amsa ta fito a rubuce, fashin aiki ne, takardar tuhuma za ta biyo ki. Alfarma ce, ko ba daɗin ji.

Ɗan NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa: Alfarma? Haba Baba! Mutum ya bar albashinsa don uwarsa a ce alfarma aka yi masa? Haƙƙi ne.

Tsohon hedimasta: Haƙƙi shi ne hutun haihuwa. Abin da za a iya hana ka, mene ne sunansa?

Ɗan NUT: Zalunci. Ku hedimastoci dama bakinku ɗaya.

Maman 'yan biyu: Ni ban ga abin wahala ba. Ta kai takardar asibiti a ba ta hutun rashin lafiya, albashinta na shiga.

Tsohon hedimasta: Wannan na ma'aikacin da shi kansa ke kwance ne, ba na mai jinya ba.

Malamin lissafi: Ku bar faɗan kalma. Da na yi jinyar mahaifina an amince min, amma na dawo ban rubuta takardar kama aiki ba. Wata uku ina koyarwa sunana bai koma takardar biya ba, ga bashin ƙungiyar adashe ya taru.

Maman 'yan biyu: Wai ita ba ta da 'yan'uwa maza ne?

Malamar aji huɗu: Yaya, mazan ne za su yi wa Inna wanka?

Ɗan NUT: To a taƙaice dai, kowa ya yarda haƙƙinta ne, hedimasta ne ya so nuna isa. Malama, ki mayar masa da takardar yadda take.

Tsohon hedimasta: Wane kowa? Malama, canza kalmar nan.